Amsa: me yasa resistor yake rage wutan da koyil ke tofarwa

Wani sabo a nan ya tambaya: "Ina dalibta a Gombe. An ce in an bude switch koyil yana tofar da wuta mai yawa, to me resistor da ke gefensa yake yi?"

Dan uwa koyil baya yarda karan dinsa, wato wutan da ke gudu cikinsa, ya canza farat daya, duk abin da ke gudu cikinsa kafin ka bude switch shi zai ci gaba da turawa, sai dai ya nemi wata hanya, hanyar kuwa ita ce resistor din nan da ke a gefensa. Misali batiri 12 V, wayar koyil 6 Ω, karan ya tsaya a 2 A. Kana budewa 2 A din nan duka zai bi ta resistor, in 100 Ω ne sai ka ga 200 V, kuma a juye, bangaren da yake tabbatacce ya koma korau. In ka sa 1000 Ω to 2000 V kenan, shi yasa babban resistor hatsari ne wallahi, bakin switch zai yi tartsatsi.

Karan din yana sauka ne da τ = L/R, inda τ shi ne lokacin da ke nuna saurin saukar, L shi ne inductance wato karfin koyil na rike karan, R kuma ya hada 100 na resistor da 6 na wayar koyil. In L 0.5 H ne, τ kusan 4.7 ms kenan, bayan τ biyar kusan babu saura. Karamin resistor yana rage tofin amma karan zai dade, kuma yana cin wuta duk lokacin da switch ke rufe. Mita na hannu ba zai kama tofin ba, sai osiloskop.