Lissafin Zanen PRISMA: Daga Sama Ake Sauko Wa Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a nan Kano, ina bitar bincike kan shayar da nono zalla a Arewa. Na riga na tara takardu 17 da suka yi mini, amma malamina ya ce sai na kawo zanen PRISMA. Wani mai shagon buga takardu ya ce zai cike mini lambobin. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ba shi ko sisi, kuma kada ki cike da kanki ta wannan hanyar.

PRISMA ƙa'ida ce ta rubuta rahoton bitar bincike. Zanen nan rahoto ne na abin da ya faru da kowace takarda tun daga ranar da kika shiga rumbun bincike. A tsarin 2009 matakai huɗu ne: zaƙulowa, tankaɗe, rairayar cancanta, sai shigarwa. Tsarin PRISMA 2020, wanda ya fito a 2021, ya haɗe tankaɗe da rairaya a ƙarƙashin mataki ɗaya, amma aikin bai ragu ba. Ki tambayi malaminki wanne sashenku yake karɓa.

Bari in buga misali da lambobin da na tsara don koyarwa kawai. A ce kin samu 412 a PubMed, 288 a Scopus, 95 a AJOL, jimilla 795. Ki rubuta kowane rumbu da adadinsa, da ranar da kika nema, da ainihin kalmomin da kika shigar. Manhajar Zotero ko Rayyan ta taimaka miki kika cire maimaici 205, saura 590. Tankaɗe shi ne karanta take da taƙaitaccen bayani kaɗai. A nan kika zubar da 521, saura 69, kuma ba a neman dalilin kowace ɗaya. Kika nemi cikakken rubutun waɗannan 69, biyar suka ƙi samuwa, sai ki faɗi hakan a akwatinsu. Sauran 64 su ne za ki karanta daga farko har ƙarshe, kuma duk wadda ta faɗi a nan dole a ga dalilinta: 21 ba a Arewa aka yi su ba, 14 ba su auna shayarwa zalla ba, 11 sharhi ne babu sabbin alƙaluma. An fitar da 46, saura 18. Idan biyu daga ciki mutum ɗaya ne ya raba bincike ɗaya ya buga a mujallu biyu, to rahoto 18 gare ki, bincike 17. Wanda bai lura da wannan ba zai ƙirga iyaye mata ɗaya sau biyu.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk mako sai ɗalibi ya kawo mini zanen da aka gina daga ƙasa zuwa sama: ya fara zaɓar takardun da suka goyi bayan ra'ayinsa, sannan aka ƙirƙiro masa 1,200 a sama don abin ya yi kwarjini. Mutane sun ɗauka ado ne ake mannawa a babi na uku kamar taswira. Ƙirƙirar alƙaluma ce, kuma ganewa ba ta da wuya. Na kan ɗauki biro in yi ɗebewa, sai in tarar akwati bai haifi na ƙasansa ba. In nemi sunayen takardun da aka fitar a matakin rairaya, babu. In shigar da kalmomin nemansa a PubMed a gabansa, sai ɗari uku su fito inda ya rubuta dubu. Masu shagunan nan kuwa zane ɗaya suke juya wa ɗalibai goma, lambobi kawai suke canzawa.

Abin da ya fi kamawar muni shi ne takardun da aka bari. Wadda ta nuna cewa wani shirin wayar da kai bai ƙara shayarwa ba, ita ce ɗalibi yake tsallakewa domin ba ta yi masa daɗi ba. Gobe jami'in lafiya ya karanta bitar, ya ɗauka duk abin da aka sani ke nan, a tsara wa jarirai shiri a kansa. Wa zai ɗauki wannan alhakin?

Takardunki 17 ba su tafi a banza ba. Ki fara rubuta sharuɗɗan shiga da fita, su waye, a ina, daga wace shekara, ki kai wa malaminki ya sa hannu, in da hali ki yi rajista a PROSPERO, shafin da ake yi wa irin wannan bitar rajista, tun kafin ki fara tankaɗe. Sannan ki yi neman daga tushe. Idan 17 ɗin nan ba su fito a sakamakon ba, kalmominki sun yi ƙunci, ki faɗaɗa su. Ki samu abokiyar karatu ta tankaɗe nata daban ba tare da ganin naki ba, inda kuka saɓa malami ya raba gardama. Wasu daga cikin 17 ɗin za su faɗi a rairaya, ki bar su su faɗi, ki rubuta dalilin kowacce.