Yadda ake bambance sifirin da karyewar farashi ta gaskiya

Tambaya: "Farashi ya daɗe yana kai-komo, yau ya faɗo ƙasa da zangonsa. Sifirin ɗin Wyckoff ne in saya, ko kuwa faɗuwa ce za ta ci gaba?"

Ɗan'uwa, ranar da farashi ya huda ƙasan zango babu wanda zai iya kiransa sifirin, wato hudawar ƙarya da farashi ke yi sannan ya dawo cikin zango da sauri, domin abin da ya biyo baya ne ke ba shi wannan suna. Kafin komai, duba inda kake a cikin matakai biyar na tsarin Wyckoff na nazarin tafiyar farashi, daga A zuwa E. A mataki na A faɗuwa ke tsayawa: SC, wato ƙololuwar sayarwa cikin firgici, da AR, wato tashin farashin da ke biyo bayanta nan take, su ne ke shata ƙasan zango da samansa. A mataki na B manyan 'yan kasuwa ke tara haja a hankali, kuma shi ya fi daɗewa. Sifirin a mataki na C yake zuwa, saboda haka hudawar da ta zo zango bai ko nuna ba, ni ba na amincewa da ita.

A ɗauka farashi yana yawo tsakanin 40 da 46 tsawon watanni. Wata rana ya sauka 39.2, ya kwashe odar tsayar da asara ta waɗanda suka saya a 40, amma kafin rufe kasuwa ko washegari ya dawo 40.6. Saurin dawowar ita ce shaida ta farko. Ta biyu ita ce yawan ciniki: idan kaɗan ne lokacin hudawar, masu sayarwa sun ƙare, idan kuwa ya yi yawa, akwai sauran kaya a hannunsu, kuma dole kasuwa ta sake gwada wurin.

Wannan gwajin nake jira kullum. Farashi ya sake saukowa zuwa kamar 40.1, bai kai 39.2 ba, kyandirorin jadawalin farashi sun ƙanƙance, ciniki kuma ya ragu sosai. A nan nake shiga, in ajiye odar tsayar da asara ƙasa kaɗan da 39.2. Amma idan ya rufe ƙasa da 40 da faffaɗan kyandir da ciniki mai yawa, sannan ya yunƙuro ya kasa komawa cikin zango, to karyewa ce, kada ka taɓa.

A lokacin raba haja, wato sa'ad da manyan 'yan kasuwa ke sayar da abin da suka tara, lamarin juyewa yake. Farashi ya leƙa saman 46, masu ɗoki su saya, ya faɗo cikin zango da sauri, shi ne ake rubuta UT, ko UTAD idan a mataki na C ya zo. Ciniki mai yawa wanda bai kai farashi ko'ina ba alama ce ta cewa ana sauke kaya. Ka sani kuma, ba kowane tarawa ke zuwa da sifirin ba. Wani zangon SOS kawai za ka gani, wato tashin farashi mai ƙarfi da ciniki mai yawa, sai ka jira LPS, wato ɗan ja da bayan da farashi ke yi bayan haka da ciniki kaɗan, ka shiga.