Kwana biyu a Istanbul: yadda za a jera wurare unguwa-unguwa

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maiɗakina za mu yi Asabar da Lahadi a Istanbul, jirginmu na dawowa Lahadi da dare. Na rubuta wurare goma sha ɗaya. Yaya zan jera su kada zirga-zirga ta cinye mana lokaci?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah Ya kai ku lafiya. Ka fara da buɗe taswira a waya, ka sa alama a kan kowane wuri. Za ka ga sun taru gungu-gungu da kansu. Amma kada ka yarda da ido kawai, ka duba minti nawa ne a ƙafa daga wannan zuwa wancan. Duk waɗanda ba su wuce minti 15 ba tsakaninsu, unguwa ɗaya ce. A garin nan ruwa da tudu suna ruɗin mutum: wuri biyu sai su yi kusa a taswira, alhali mashigin ruwa ne a tsakani.

Abin da ke yanke maka wace unguwa za ta zo wace rana shi ne ranar da ake rufe wuri. Babbar kasuwar nan mai rufi da ke tsohon gari, Kapali Carshi, ba ta ci ran Lahadi, don haka tsohon gari ya zama na Asabar, babu ja. Fadar Topkapi ran Talata ake rufe ta, ta Dolmabahce kuma ran Litinin, su biyun ba za su dame ku ba.

Ran Asabar ku fara da Topkapi da zarar an buɗe ƙofa, domin ita ce mai cin lokaci. Ku ba ta awa biyu zuwa uku. Ƙofarta tana bayan Aya Sofiya, wadda aka gama ginawa a shekarar 537. Masallacin Sultan Ahmed yana fuskantar Aya Sofiya, fili ne kawai tsakaninsu, tafiyar kamar minti biyar. Tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, Yerebatan, tana tsallaken titi. Wurare huɗu ke nan ba ku hau komai ba. A nan layin shiga ne ke cin lokaci, don haka duk inda ake sayar da tikiti ta intanet ka saya tun kafin ku taso. Ana kuma dakatar da masu yawon buɗe ido a masallatai lokacin salla.

Bayan azahar ku hau jirgin titi mai lamba T1, tasha biyu zuwa Beyazit, ga kasuwa nan. Daga kasuwa masallacin Sulaimaniyya bai fi minti goma a ƙafa ba, daga can kuma gangara ce har bakin ruwa a Eminonu. A ganina wannan ya ishi yini. Duk wanda ya ce zai ƙara hasumiyar Galata a ranar, zai isa can ne ƙafa ta riga ta mutu.

Lahadi ta ɗaya gefen gadar Galata ce, wadda ta haɗa Eminonu da Karakoy, kuma a nan alƙiblar tafiya tana da muhimmanci ƙwarai. Ku hau T1 har ƙarshensa a Kabatash, ku taka zuwa Dolmabahce da safe. Ku dawo Kabatash, ku shiga ɗan jirgin F1 mai hawa tudu, cikin minti biyu zuwa uku kuna dandalin Taksim. Daga nan ku bi titin Istiklal, kusan kilomita ɗaya da rabi, ku gangara ta hasumiyar Galata har Karakoy. Wanda ya faro daga Karakoy wuraren nan dai zai gani, amma da hawan tudu mai tsayi zai fara, ga iyali a tare.

Maganar tsallakawa ɓangaren Asiya kuwa, tikitin jirginka ne zai faɗa maka. Idan daga filin Sabiha Gokcen da ke ɓangaren Asiya za ku tashi, ku hau jirgin ruwa daga Karakoy ku tsallaka zuwa Kadikoy, kamar minti 20, sannan jirgin ƙasa na M4 ya kai ku filin cikin kusan awa ɗaya. Wannan tsarin yana tafiya ne in jakar goyo kawai gare ku. In kun bar akwatuna a otal, komawa ɗauko su za ta rushe shi. Idan kuma babban filin jirgin Istanbul ne, wanda ke ɓangaren Turai, ku mayar da hawan jirgin ruwan zuwa yammacin Asabar daga Eminonu, ku je ku dawo.

In ka gama rubutawa, ka ja layin kowace rana a taswira. Inda layi ya tsallaka gada sau biyu a tsakiyar yini, ko ya koma unguwar da kuka riga kuka baro, akwai wurin da ya shiga ranar da ba tasa ba. Ka mayar da shi cikin 'yan unguwarsu, in babu gurbi ka cire shi. Otal kuma ka nemi wanda ke kusa da layin T1, tun da ranakun biyu duk a kansa suke.