Na Sa Matakin Tsaro Na Biyu Amma Sun Shiga Imel Ɗina, In Sayi Makulli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan ɗinki ta intanet, duk harkata tana cikin Gmail. Ina amfani da Google Authenticator, amma makon jiya aka turo min saƙo wai za a rufe asusuna, na danna, na sa kalmar sirri da lambar, kafin magariba an kore ni daga ciki. Da ƙyar na dawo da shi. Wani ya ce in sayi YubiKey, ɗan makullin tsaro da ake sakawa a kwamfuta ko waya. Ya cancanci kuɗinsa? — Wani ɗan kasuwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka fitar da kuɗi tukuna. Akwai kariya irin ta makullin a cikin wayar da ke hannunka, kuma kyauta ce. Amma sai ka fara gane yadda aka yi maka, domin a nan ne za ka ga abin da ya kamata ka nema.

Shafin da ka buɗe ba hoton shafin Google ba ne kawai. Kwamfutar ɓarawo ce ta tsaya tsakaninka da Google na gaskiya. Kana rubuta kalmar sirri, tana miƙa ta ga Google nan take. Google ya nemi lamba, ita ma ta nuna maka wurin sa lamba. Lambar Authenticator guda shida ce, tana canzawa duk daƙiƙa 30, mutane kuma suna ɗauka wannan gajeren lokaci ne ke kare su. Na'ura ba ta buƙatar ko daƙiƙa biyu ta isar da ita. Da Google ya ga kalmar sirri daidai, lamba daidai, sai ya bayar da shaidar shiga, wato ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa don kada a riƙa tambayarka kalmar sirri kullum. Wannan shaidar ce ɓarawon ya riƙe. Daga nan ba ya buƙatar lambarka kuma. Akwai manhajoji da aka gina don wannan aiki, irin su Evilginx, kuma mai amfani da su ba sai ya zama gwani ba.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Duk abin da za ka iya karantawa da idonka ka rubuta da hannunka, za ka iya miƙa wa wanda bai dace ba. Lambar saƙon tes, lambar manhaja, lambar da ake kira a karanto maka, duk ɗaya ne ta wannan fuska. Ta saƙon tes tana da ƙarin rauni, domin idan aka yi wa layinka walkam-bak a ɓoye, lambar ma wayar ɓarawo za ta tafi. Irin wannan walkam-bak aka yi wa layin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a watan Agustan 2019. Shi kuwa saƙon da ke fitowa a waya yana tambaya ko kai ne ke son shiga, ana cin galabarsa da naci. A Satumban 2022 wani ɗan kutse ya yi ta turo wa wani ma'aikacin kwantiragi na Uber irin wannan saƙo har ya amince da ɗaya, shi ke nan aka shiga cikin kamfanin.

Abin da ya faru da kamfanin Cloudflare a ranar 20 ga Yulin 2022 shi ne amsar tambayarka. Cikin ƙasa da minti ɗaya, ma'aikatansu aƙalla 76 suka sami saƙon tes mai ɗauke da adireshin `cloudflare-okta.com`, wanda ba a yi minti 40 da yi masa rajista ba. Shafin ya yi kama da wanda suke shiga kullum. Mutum uku suka sa sunansu da kalmar sirri. Waɗannan fa ma'aikatan kamfanin tsaron intanet ne, don haka ka daina ganin laifin kanka. Amma ɓarayin ba su shiga ba, saboda kamfanin ba ya karɓar lamba sam, kowane ma'aikaci makulli yake da shi na sakawa a kwamfuta. Irin wannan harin ya sami kamfanin Twilio a daidai lokacin, kuma a can an shiga.

Me makullin ya yi da lamba ta kasa? Ranar da ka yi masa rajista a wani shafi, yana ƙirƙirar mabuɗai biyu masu alaƙa da juna. Ɗaya yana zama a cikinsa, ba ya fita ko kaɗan, ɗayan kuma shafin ke ajiyewa. An ɗaure su da ainihin adireshin shafin. Idan ka zo shiga, shafin zai turo wata tambaya ta lissafi, burauza kuma ita ce ke gaya wa makullin adireshin da ake kai. In `google.com` ne, ya sa hannu. In wani adireshi ne mai kama da shi, ko da harafi ɗaya ne bambancin, makullin ba shi da mabuɗin wannan wuri, ba abin da zai bayar. Aikin duba adireshi ya tashi daga kan idonka, wanda ke gajiya kuma ake iya ruɗawa da tsoro, ya koma kan na'ura. Sunan tsarin FIDO2, kuma Google ya bayyana a 2018 cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 makulli a farkon 2017, ba a tabbatar da ƙwace asusun aikin ko ɗaya ta hanyar shafin bogi ba.

Wannan tsarin ne aka sa a cikin waya da sunan passkey, kuma Google ya buɗe shi ga kowa a watan Mayun 2023. Yana aiki a Android 9 zuwa sama da iOS 16 zuwa sama. Buɗe burauzar wayarka ka rubuta da hannunka:

```
g.co/passkeys
```

Ka shiga, ka danna Create a passkey, wayar za ta nemi zanen yatsanka ko lambar buɗe allo. A wasu wayoyin Android za ka tarar an riga an ƙirƙira maka, kunnawa kawai za ka yi. Zanen yatsan ba ya zuwa wurin Google, a cikin wayar yake tsayawa, aikinsa ya ba ta izinin sa hannu.

Tunda an taɓa shiga asusunka, ka yi shara kafin ka kwanta yau. A shafin tsaro na asusun, ƙarƙashin Your devices, ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba. Ka duba lambar waya da imel na dawo da asusu, ko naka ne. A jerin passkey ɗin ma ka duba, domin ɓarawo kan yi wa kansa rajistar nasa. Sannan ka buɗe saitin Gmail a kwamfuta, ka duba Forwarding and POP/IMAP da Filters and Blocked Addresses. Nan ne suke barin umarnin a riƙa tura musu kwafin saƙonninka, kuma canza kalmar sirri ba ya goge shi.

Yanzu ga abin da masu tallar makulli ba su cika faɗa ba. Muddin tsohuwar hanyar lamba tana nan a asusunka, ɓarawo zai tura ka can. Shafin bogin zai ce passkey ya sami matsala, ka gwada wata hanya, sai ya nemi lamba. Don haka ka riƙe wannan da kyau: idan ka saba wayarka ta nemi yatsa, yau kuma wani shafi ya nemi kalmar sirri da lamba, tsaya, rufe shi, ka shiga ta manhajar Gmail ko ka rubuta adireshin da kanka. In kana son a toshe hanyar lamba gaba ɗaya, Google yana da Advanced Protection Program, kyauta ne, kuma tun 2024 ana iya shigarsa da passkey ba sai da makullin saye ba. Kuɗinsa shi ne wahala: in ka rasa hanyoyin shigarka, dawo da asusu yakan ɗauki kwanaki.

Sai maganar wayar kanta. Wanda ya riƙe wayarka kuma ya san lambar buɗe allonta, ya riƙe passkey ɗinka. In kana barin waya wurin mai caji a kasuwa, ko yaran shago duk sun san lambar, canza ta zuwa mai tsawo wadda kai kaɗai ka sani. Kuma ka yi tanadin ranar da wayar za ta faɗa ruwa ko a sace ta: ka ƙirƙiri passkey na biyu a wata na'ura taka, ko ka fitar da Backup codes guda goma ka rubuta a takarda ka adana a gida. Su ma lambobi ne, ana iya yaudararka ka bayar da su, saboda haka na ranar ɓatan waya ne kawai.

Yaushe saye ke da amfani? Idan ma'aikata suna taɓa wayarka, ko kana shiga asusun a kwamfutoci daban-daban, ko rasa asusun na mako guda zai ci maka abin da ya ninka kuɗin makullin. A nan ma ba sai mai tsada ba. Security Key NFC na Yubico, wanda ke kusan dala 30, yana yin duk abin da kake buƙata a Gmail. YubiKey 5 ya kai dala 50 zuwa sama, kuma ƙarin da ke cikinsa na ma'aikatan kamfanoni ne da masu harkar kwamfuta. Ka duba bakin cajin wayarka da ramin kwamfutarka, USB-C ne ko USB-A, ka kuma duba ko wayar tana da NFC, wato fasahar da ke karanta makulli idan ka kara shi a bayanta, domin ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi. Ka sayi biyu, ka yi wa duka rajista rana ɗaya, ɗaya a jikin makullan shago, ɗaya a gida. Ka saya a rufe cikin ledarsa daga dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Akwai ƙofar da passkey da makulli duka ba sa rufewa. Idan ka buɗe fayil mai ɗauke da muguwar manhaja a kwamfuta, za ta kwashe shaidar shiga daga burauza bayan ka riga ka shiga. Haka aka ƙwace tashar Linus Tech Tips a YouTube a watan Maris na 2023, ta fayil da aka turo da sunan tayin talla. Kai da baƙi ke turo wa odar kaya, ka kula da duk fayil da ya zo a dunƙule ko yake neman ka girka wani abu.

Tambaya: Malam, ɗan token ɗin da banki ke sayarwa, shi ne makullin da ake magana? — Wata malamar makaranta daga Katsina

Amsa: A'a Malama, ba ɗaya ba ne. Na banki lamba yake nunawa ki kwafa, don haka duk wanda ya kira ki da sunan ma'aikacin banki ya ce ki karanto masa, zai iya amfani da ita nan take. Duk da haka ya fi lambar saƙon tes, domin walkam-bak ɗin layi ba ya taɓa shi, kuma in kina tura kuɗi masu yawa ya cancanci kuɗinsa. Kada ki sayi YubiKey don banki sai kin je reshe kin tambaya ko manhajarsu tana karɓar sa. Lambar kuwa, a cikin manhajar bankin kawai ake rubuta ta, kuma sai lokacin da ke da kanki kika fara tura kuɗi. In lamba ta shigo wayarki ba ki nema ba, wani ne ke ƙoƙarin shiga: in an kira ki ana neman ta, ki kashe kiran, ki kira lambar da ke bayan katinki, ki canza kalmar sirri.