Bidiyo ɗaya, dandali huɗu: in sayi manhajar da ke ɗora min ko'ina?

*Malam, ni mai gyaran waya ne, ina ɗaukar bidiyon aikina ina sawa a YouTube, TikTok, Instagram da X. Rubutu ɗaya nake yi in kwafa ko'ina, amma wani wurin sai ya yanke, wani wurin ya ƙi karɓa, kuma a YouTube ba kowa ke buɗewa ba. Na ga tallan wata manhaja da ake biya duk wata, wai danna ɗaya ta watsa maka bidiyo a duk dandalin. In saya? Ga taken bidiyona na ƙarshe da YouTube ya ƙi karɓa: "Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da sake haɗuwa, yau za mu nuna yadda ake gyara wayar da ta ƙi caji".*

Dakata da sayen tukuna, mu fara da taken da ka turo, don shi kaɗai ya nuna inda gizo ke saƙa. Na ƙirga shi, harafi 107 ne idan an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ita ma ana lissafa ta. YouTube kuwa 100 yake karɓa a take. Da za a datse shi daidai kan 100, abin da za a rasa shi ne "ƙi caji", wato kalmomi biyun da mai neman taimako zai rubuta a wurin bincike. Gaisuwa ta cinye harafi 56 na farko, kuma a jerin sakamakon bincike a waya ba ma duk taken ake nunawa ba, farkonsa kawai ake gani. Sallama tana da wurinta a cikin bidiyon da bakinka, ba a take ba. Manhajar da ka gani ba za ta gyara wannan ba, iyakacinta ta kwafa kuskuren zuwa wuri huɗu cikin sauri.

Dalilin da ya sa rubutu ɗaya ba ya aiki ko'ina ya wuce batun tsawo. Yadda mai kallo ke isowa ga bidiyon ne ya bambanta. A dogon bidiyon YouTube mutum yana ganin hoton bango da take, sai ya yanke shawarar dannawa ko wucewa, bai ga ko daƙiƙa ɗaya ta aikinka ba. A TikTok da Reels na Instagram bidiyon ya riga ya fara motsi a gabansa kafin idonsa ya sauka kan rubutun da ke ƙasa, in ma ya sauka. A X kuma rubutun ne a sama, bidiyon a ƙarƙashinsa, mutum yana cikin karanta maganganu ya ci karo da naka. Saboda haka aikin da take ke yi a YouTube, a TikTok daƙiƙun farko na bidiyon da rubutun da ka liƙa a kan hoton ne ke yin sa.

Abin da nake ba da shawara shi ne kada ka rubuta dogon bayani sannan ka riƙa yanke shi yana raguwa. Ka fara da ɗan rubutu na kanka wanda ba za ka ɗora ko'ina ba, mai amsa abu uku: me mutum zai rubuta idan yana neman wannan bidiyon, me zai samu idan ya kalla, kuma me kake so ya yi bayan nan. A ce bidiyon naka mai minti takwas yana nuna cewa sau da yawa datti ne ke toshe bakin caji, ba batir ne ya mutu ba. Amsar farko ita ce "waya ta ƙi yin caji". Ta biyu, zai san yadda ake gane datti daga mataccen batir. Ta uku, ya kalli cikakken bidiyon. Daga waɗannan ukun za ka gina na kowane dandali daga tushe.

A YouTube take zai zama: "Waya ta ƙi yin caji? Duba bakin caji kafin ka sayi sabon batir". Harafi 62 ne, kuma 20 na farko su ne abin da ake nema, don haka ko an datse wutsiyar, kan maganar yana nan. Hoton bango kada ya maimaita taken. Ka ɗauki bakin cajin kusa-kusa da dattin da ka zaƙulo a kan tsinke, a kwance, girman 1280 da 720, da kalma uku ko huɗu manya kamar "Ba batir ba ne". Take ya yi tambaya, hoto ya nuna hujja.

Bayanin bidiyo a YouTube yana ɗaukar harafi 5,000, amma layi biyu ko uku na farko ne ake gani kafin a danna a buɗe sauran. Nan za ka sake faɗin matsalar da wasu kalmomin da mutane ke amfani da su, kamar caji yana shiga yana fita, ko sai an danne caja kafin ta ɗauka. Lambar shago, sunayen sauran shafukanka da roƙon a bi tashar duk su koma ƙasa. Sai ka yanka bidiyon babi-babi:

```
0:00 Alamomin matsalar
1:10 Gwada wata caja
2:45 Share bakin caji
5:30 Yadda ake gane mataccen batir
```

Wannan yana da sharaɗi uku: na farko ya fara daga 0:00, su kai uku ko fiye, kuma kowane babi ya kai daƙiƙa 10. Idan ka ga babin bai fito a kan layin bidiyon ba, kusan kullum ɗaya daga cikin ukun nan aka karya, yawanci an fara da 0:05 ko makamancinsa.

Akwatin Tags mai harafi 500 kada ya ci maka lokaci. YouTube da kansa ya ce tasirinsa kaɗan ne, sai dai inda ake yawan kuskuren rubuta kalma. A nan ne ya yi mana rana, don mutane da yawa ba sa samun ƙ da ɗ a allon wayarsu. Ka rubuta taken daidai da ƙa'ida, a Tags kuma ka zuba "waya ta ki caji" da "waya bata caji" yadda ake rubuta su a gaggauce.

Don TikTok da Reels za ka ciro kamar daƙiƙa 40 daga tsakiyar bidiyon, a tsaye, wurin da tsinken ke fito da datti. Kada ka fara da gabatarwa. A kan hoton ka rubuta "Waya ta ƙi caji?" kuma ka faɗe shi da baki a farkon, domin binciken TikTok yana amfani da rubutun kan hoto da maganar da aka yi, ba rubutun ƙasa kaɗai ba. Ka ajiye rubutun a tsakiya ko sama-sama, don ƙasan allon da gefen dama sunanka da maɓallan dandalin ne ke rufe su. Instagram yana karɓar harafi 2,200, TikTok ma ya kai 2,200 a 2022 ya kuma ƙara daga baya, amma kada yalwar ta ruɗe ka, layi ɗaya ko biyu ake gani. Jimla biyu sun isa: "Kafin ka canja batir, leƙa bakin caji. Cikakken bayani yana tashata ta YouTube." Ban sa linki ba da gangan, domin a rubutun ƙasan bidiyo na Instagram da TikTok ba ya dannuwa. Haka ma a bayanin Shorts na YouTube tun watan Agusta na 2023.

X shi ne mafi matsi. Wanda ba ya biya harafi 280 gare shi, kuma kowane linki, gajere ko dogo, ana lissafa shi a matsayin 23. In ka cire shi da tazara ɗaya, saura 256. Bidiyon kansa ba zai wuce minti biyu da daƙiƙa 20 ba, kuma ba ka da damar gyara rubutun bayan ka aika. Nan magana mai tsayawa da ƙafarta ake so, wadda ko ba a kalli bidiyon ba an ƙaru: "Ba duk wayar da ta ƙi caji ce batirinta ya mutu ba. Kashe ta, haska bakin cajin, in ka ga ƙura ta dunƙule ka zaƙulo ta a hankali da tsinken katako, ban da ƙarfe."

Bayan kwana biyu ko uku ka buɗe bidiyon a YouTube Studio, ka shiga Analytics, sannan Reach. Za ka ga sau nawa aka nuna wa mutane hoton bangonka da kuma kashi nawa suka danna. YouTube ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari. Idan ana nunawa da yawa amma dannawa ta yi ƙasa da abin da ka saba samu, laifin take ne ko hoto. Ka canja ɗaya kawai ka jira, in ka canja duka biyun ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Idan kuma ana dannawa amma ana gudu cikin rabin minti, taken ya yi alkawarin da farkon bidiyon bai cika ba. A ƙasan shafin Reach ɗin akwai jerin kalmomin da mutane suka rubuta suka same ka, kuma ni a ganina ya fi duk wata manhajar kuɗi amfani wajen zaɓen take na gaba.

To, batun saye. Idan bidiyo ɗaya ko biyu kake fitarwa a mako, ba ka buƙata. YouTube Studio da Meta Business Suite na ɗorawa a Instagram duk suna ba ka damar saita ranar fita kyauta. In aikin ya yi yawa har kana son saye, ka yi amfani da kwanakin gwaji ka tabbatar manhajar tana ba kowane dandali akwatinsa daban, tana da wurin taken YouTube dabam da bayani, tana karɓar hoton bango, kuma tana barinka ka ɗora fayil a tsaye a nan, a kwance a can. Wadda akwati ɗaya kawai gare ta, bar musu kayansu.

*Malam, ni kuma hashtak nake zubawa har talatin a kowane bidiyo, kuma daga TikTok nake sauke shi in kai Instagram. Akwai laifi?*

Akwai, har biyu. Instagram ya faɗa tun 2021 cewa yana rage yaɗa Reels masu ɗauke da tambarin wata manhaja, don haka ka adana asalin fayil ɗin daga inda ka tace shi, ka ɗora shi kai tsaye a kowane wuri. Hashtak kuwa uku zuwa biyar masu faɗin ainihin abin da ke cikin bidiyon sun wadatar, shawarar Instagram ke nan da kansa. A YouTube idan suka haura 60 ana watsi da su gaba ɗaya. Ka kuma kula da waƙafin sama: yana yanke hashtak, #ma'aikata zai tsaya a #ma, saura ya zama rubutu kawai. Irin wannan kalma sai ka haɗe ta, #maaikata.