Yadda ake dusashe fuskar mai wucewa a bidiyon hirar titi

Tambaya: Malam, na ɗauki hira da wani ɗan kasuwarmu a Bab Makka, nan Jidda. Wani bawan Allah ya gifta ta bayansa, fuskarsa ta fito sarai. Na sa da'irar dishi-dishi a DaVinci Resolve, amma da ya gifta ta bayan mai maganar sai da'irar ta rabu da shi ta manne a kafaɗar mai maganar. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, Tracker, wato abin da ke sa da'irar ta bi motsi a cikin manhajar, bai san fuska ba. Ɗigo-ɗigon haske da duhu yake zaɓa a cikin da'irarka, ya riƙa bin su daga firam zuwa firam. Da mutumin ya shige bayan wani, ɗigon da ake bi sun ɓace, sai ya kama waɗanda suka maye gurbinsu, wato kafaɗar baƙonka. Maganin shi ne kada ka bar shi ya bi mutumin a tafiya guda.

Mu ƙaddara giftawar daƙiƙa 12 ce a firam 30 kowace daƙiƙa, firam 360 ke nan. Mutumin ya shigo daga hagu, ya ɓuya a daƙiƙa ta 5, ya sake ɓullowa a ta 6. A shafin Edit, yanka bidiyon da Ctrl+B a inda ya shigo, a tsakiyar ɓuyar, da inda ya fita. Yanzu kana da guntaye biyu, kowanne zai samu da'irarsa da bibiyarsa.

Ka koma shafin Color, ka zaɓi guntun farko, ka danna Alt+S don ƙara sabon node, wato akwatin da ake ɗora gyara a kansa. A Window ka ɗauki da'ira. Kada ka ɗora ta a firam na farko, domin a nan rabin fuskar na waje da allo. Nemi inda fuskar ta fi fitowa, wajen daƙiƙa ta 3, ka ɗora ta daidai girman kansa. Idan ka buɗa ta da yawa za ta haɗo allon shago da kayan da ke rataye a baya, su kuwa a tsaye suke, sai su riƙe ta mutumin ya wuce. A Tracker ka cire alamar Rotate da 3D, ka bar Pan da Tilt. Zoom sai in yana matsowa kusa da kyamara ko yana nisa da ita. Danna Track Forward, ka dawo inda ka fara, ka danna Track Reverse.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne wajen gyara. Akwai maɓallai biyu a Tracker, Clip da Frame. Idan kana kan Clip ka ja da'irar, gabaɗayan bibiyar ce za ta gusa, har wuraren da suke daidai su lalace. Sai ka koma Frame tukuna. A nan duk inda ka ja da'irar, manhajar za ta kafa alama a wannan firam ɗin, ta cike tsakanin alamomin da kanta. Tsaya a firam na ƙarshe da bibiyar take daidai, ka ɗan taɓa da'irar don ta kafu, sannan ka riƙa matsawa firam biyar-biyar kana mayar da ita kan fuskar har ya ɓuya. Haka za ka yi a bakin allo, da kuma lokacin da ya waiwaya shimagensa, wato mayafin kansa, ya rufe gefen fuska. Guntu na biyu ma haka.

Bayan bibiyar ta zauna, ka koma Clip ka faɗaɗa da'irar ta rufe kunne, gemu da goshi, har ta ɗan zarce. Sannan ka jawo Mosaic Blur daga Effects ka ɗora a kan node ɗin, ka rage Pixel Frequency har faɗin fuskar ya zama bai wuce murabba'ai biyar ko shida ba. Na fi son wannan a kan ɗan dishi-dishi mai laushi, wanda yake da kyau a babban allo amma a waya, inda hoto yake ƙanƙancewa, wanda ya san mutumin zai iya shaida shi.

Kafin ka wallafa, buɗe bidiyon da ka fitar ka bi daƙiƙa 12 ɗin nan firam-firam da maɓallin kibiya. Firam ɗaya da fuskar ta leƙo ya isa wani ya tsayar ya ɗauki hotonta. Duba gilashin shaguna da na motoci, fuska kan bayyana a ciki, kowacce kuma da'irarta daban za ka yi mata. Kada ka yi sakaci da wannan binciken a ƙasar nan ta Saudiyya: dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. In kuma muryarsa ta shiga ko an kira sunansa, sai ka rage sautin wajen a shafin Edit.