Kyamarar duba kaya ta fara yawan kuskure

"Na'urarmu mai duba murafun kwalabe ta yi wata shida tana aiki daidai, yanzu murafun da take cirewa a layi sun tashi daga 2% zuwa 5%. Mu sake horar da ita?"

Kada ka sake horar da ita tukuna, fara gano abin da ya canza. Ɗauko hotunan gwajin da kuka ajiye ranar da aka ɗora ta, ka sake ba ta su. Idan sakamakon ya bambanta da na da, an taɓa lambar yanke hukunci, wato ma'aunin da take bi wajen cire murfi ko barinsa, ko manhajar ne, a mayar da su yadda suke. Idan bai bambanta ba, hotunan da ke shigowa yanzu ne suka canza. Sai ka kwatanta haskensu da kaifinsu da na makon farko, domin fitilar LED tana dusashewa a hankali, ƙura tana hawa gilashin kyamara, girgizar inji kuma tana gusar da ita daga inda aka saita ta. Gyaran waɗannan na hannu ne, kuma in ka horar da ita da hotunan gilashi mai datti, ranar da aka goge shi kuskuren zai dawo.

Bayan gyaran, a sa ƙwararren mai duba inganci ya tantance murafu 300 da ta cire da 300 da ta bari suka wuce, ba tare da ya ga hukuncinta ba. Na biyun sun fi damuna, don mai lahanin da ya wuce ba ya fitowa a ƙididdigar layi, sai ya kai hannun mai saye. Idan galibin waɗanda ta cire masu lahani ne da gaske, injin ƙera murafun ne ke da matsala. Idan kuwa lafiyayyu ne, kuma kuskuren ya taru a kan sabon abu da zai dore, kamar roba mai ƙyalli daga sabon dillali, to lokacin horarwa ya yi. A haɗa sababbin hotuna da tsofaffi, sabuwar da aka horar ta yi mako guda tana hukunci a gefe kafin a ba ta ikon cire kaya.